Bazday ɗin yaro ba sai an ci bashi ba

Wallahi abin da yake cinye kuɗi a bazday ɗin yara ba yaran ba ne, mu manya ne. Yaro ɗan shekara 5 ko 6 ba ruwansa da anko, ba ruwansa da hayar kujeru ko mai kwalliya, shi dai ya ga yau an tara masa abokansa an kira sunansa an ba shi abu mai zaƙi a hannu. Amma sai ki ga mace a nan ƙauyukanmu ta ga hoton ƴan birni a waya, ta je ta karɓi zubin adashe kafin kwananta, ko ta sayar da akuyar da take kiwo don sallah, wai kar a ce ɗanta bai kai ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kwanon fulawa da sukari suka koma, to a kan me za a ƙara wa maigida nauyi?

Na san akwai masu ganin bazday ɗin ma gaba ɗaya ba al'adarmu ba ce, malamai ma sun yi magana a kai, wanda ya bari bai yi laifi ba ko kaɗan. Maganata da wadda ta riga ta yi niyya ce, ko yaron ya dame ta saboda ya ga an yi wa wani a makarantarsu.

Matsalar ƙauye daban take da ta birni, kuma nan ne mata suke faɗawa. A birni za ki gayyaci yara 10 su zo su 10, a nan kuwa da an ji hayaniya a gida yaran unguwa kaf sun cika tsakar gida, ga almajirai a zaure, kuma ba ki isa ki kori ɗan maƙociya ba sai dai in kina neman gaba ta shekara. Shi ya sa duk wadda ta ce za ta dafa shinkafa da nama ta raba, ta ɗauko abin da ba ta san ƙarshensa ba, tukunya za ta ƙare rabin yara ba su samu ba, a tashi da kuka da ƙananan maganganu. Dabarar ita ce a raba abin gida biyu, ɗan kek na yaron da ƴan uwansa da abokansa na kusa, sai kuma abin rabo mai auki da zai kai ga duk wanda ya leƙo. A sa lokaci bayan la'asar, kowa ya ci na rana a gidansu, kafin magariba an watse, ba mai jiran abinci.

Haka ƙanwata ta yi wa ƴarta da ta cika shekara 6, a wani ƙauye kusa da Gujungu. Ranar Lahadi da kasuwa take ci mijinta ya sayo mata fulawa gwangwanin madara 3, sukari, bota leda ɗaya mai giram 250, da ƙullin bakar hoda. Ƙwai 4 na kajinta ne, zoɓo kuwa na gefen gonarsu ne da ta shanya tun kaka.

Ba ta da oben, da tukunya da yashi ta gasa. Ta fara buga botar da sukari gwangwani ɗaya da rabi da muciya har ya yi fari ya yi laushi, wannan bugun shi ne rabin aikin, in kika yi masa gaggawa kek ɗin zai fito da nauyi. Sai ta riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne a wani kofi daban tukunna, don ƙwan gida a lokacin zafi ana samun bara-gurbi, guda ɗaya ya isa ya ɓata miki kwaɓin duka. Ta tankaɗe fulawar da bakar hoda ƙaramin cokali 2 ta zuba tana juyawa a hankali, daga nan ba a ƙara bugu da ƙarfi. Gwangwanayen madara da ta tara ta wanke, ta cire takardar jikinsu, ta danne bakinsu mai kaifi, ta shafa mai, ta zuba kwaɓin rabi-rabi saboda zai taso. Ta samu 16.

Yashin mai tsabta ne busasshe, ta zuba a gindin babbar tukunya kaurin yatsa biyu, ta ɗora a kan gawayi ya yi zafi kafin ta jera gwangwanayen, ta rufe ta ɗora ɗan garwashi a kan murfin don saman ya yi ja. Ƙananan nan minti 20 zuwa 25 sun isa, sai ki soka tsinke a tsakiya, in ya fito ba danƙo ya gasu. In kika ga ƙasa ya ƙone ciki ɗanye, wuta ta yi yawa ko yashin ya yi kaɗan. In ya taso ya koma ya lotsa a tsakiya, ko kin yi ta buɗe murfin da wuri ko bakar hoda ta yi yawa, ita ce ma take sa ki ji wani ɗaci-ɗaci a harshe. Ni shawarata kar a yi babba guda ɗaya a karon farko, yana daɗewa kuma shi ya fi ƙonewa, ga rigimar yanka, wannan ya ce nasa ƙarami wancan ya ce an fi shi.

Abin rabo kuwa gugguru ta yi da soyayyar gyaɗa, ta ƙulla a ƴan ledoji, gwangwani ɗaya na masarar gugguru in ya fashe sai ya ba ki mamaki, amma ki tabbatar ta gugguru kika sayo, masarar gona ba ta fashewa haka. Zoɓon ta dafa da citta da kanumfari ta jefa ƴar kanwa kaɗan don tsamin ya ragu, sukari ba zai tafi da yawa ba, in kanwar ta yi yawa dai kalar sai ta yi duhu ɗanɗanon ya mutu. Ta ƙulla tun safe ta jera cikin ruwan randa, ko ƙanƙara ba ta saya ba. Kunun aya ya fi daɗi na sani, amma in ba wuta ba firji kar ki fara, kafin la'asar ya yi tsami ki ɓata cikin ƴaƴan mutane.

Yarinyar kayanta na sallah ta saka, aka yi mata kitso da lalle, yayarta ta ɗauke su hoto a waya, suka yi ƴar gala-gala da tafa-tafa har suka gaji, kakarsu ta sa mata albarka aka shafa. Kyautar da babanta ya ba ta littafin rubutu ne da fensir da silifas, abin da dama dole sai ya saya, ya dai ajiye har ranar.

Don Allah iyaye mata a kula da ƴan ƙanana, waɗanda ba su wuce shekara 3 ko 4 ba kar a ba su gyaɗa ko gugguru, suna shaƙewa, a gutsura musu kek ɗin kawai. Balan-balan ma in ya fashe a tsince guntayen nan take, don mai rarrafe bakinsa zai kai. Kuma ki ware ƙulli kamar 10 ki ɓoye a ɗaki, akwai waɗanda ba za su iso ba sai an taso daga islamiyya.