Tsadar da ka sayi kaya ba kullum ce darajarsu ba

"Atamfata ba ta yage ba, ba ta koɗe ba, me ya sa mai binciken asusu zai rage mata daraja a littafi?"

Alhaji, ƙa'idar IAS 2, wato dokar lissafi ta duniya kan darajar kayan sayarwa, cewa ta yi a kwatanta abu biyu a rubuta ƙaramin: abin da aka kashe wajen sayen kaya, da abin da zai rage a hannu in an sayar bayan an cire kuɗin sayarwa. Lafiyar kaya ba ta wadatar, domin yayi yana wucewa.

Ɗauki shago a babbar kasuwar Gombe mai turmi 40 da suka shekara a kanta, kowanne an saye shi naira 18,000. Mai bincike ba zai tsaya kan farashin da ka faɗa da baki ba. Rasitan cinikin da aka yi bayan rufe littafin shekara zai duba, don su ne shaidar da ta fi ƙarfi. A ce ya tarar sai a 15,000 ake ɗauka, la'adar dillali da dako suna cin 1,000. Saura 14,000. Za a rage 4,000 a kowane turmi, asarar 160,000 ke nan, kuma a shekarar za a rubuta ta, ba a jiran ranar sayarwa.

Inda na fi ganin ana zamewa shi ne a rufe wannan giɓin da ribar shaddar da ke tafiya. Ba a yarda ba, kowane nau'in kaya ana auna shi shi kaɗai. In kasuwar atamfar ta farfaɗo, ana iya mayar da ragin, amma ba za a haura 18,000 ba.