Sidi hamsin ɗin Hajiya da gwajin da ba mu rubuta ba

'Yan uwana masu rubuta manhaja a Kumasi, musamman matasanmu na Aboabo, Sawaba da Asawase da suka fara karɓar aikin kamfanonin susu, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai. Yawancinmu idan mun ce mun gwada rumbun bayanai, abin da muke nufi shi ne mun zuba bayani mai kyau, ya shiga, mun ciro shi, ya fito. Ni a wurina wannan rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda kuɗin mutane ya rataya a kansa, shi ne ka miƙa wa rumbun abin da bai dace ba da gangan, ka tsaya ka ga ya ƙi karɓa.

Ina kula da manhajar wani ƙaramin kamfanin susu, wato adashin da yara masu karɓa ke zagayawa kullum suna tattarawa daga hannun 'yan kasuwa. Wasu na ba da tsabar kuɗi, wasu na turowa ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Wata safiya wata Hajiya mai sayar da wake da shinkafa ta tare yaronmu mai karɓa, ta ce, "Ɗana, katina ɗari uku ne, amma saƙonku ya ce ɗari uku da hamsin. Ku duba, ba na son cin abin da ba nawa ba." Allah ya saka mata da alheri, don ba domin gaskiyarta ba da mun jima ba mu farga ba.

Da na buɗe teburin biya sai na tarar da layi biyu masu lambar momo iri ɗaya, kowanne sidi 50, tazararsu ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya yi aiki da biyan kuɗi ta waya: idan sabarka ta yi jinkirin amsawa, tsarin da ke aiko sanarwar biya yakan sake aikowa. Kod ɗinmu yana dubawa ko lambar ta taɓa shiga kafin ya rubuta. Amma sanarwar biyu sun iso kusan tare, kowacce ta duba ta ga babu, kowacce ta rubuta. Dubawar da ke cikin kod ba ta isa ta hana wannan ba. Rumbun ne kaɗai ke ganin rubutun biyu a lokaci guda, don haka a can ya kamata shingen ya kasance.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shingen yana nan. Mun sa UNIQUE a kan lambar momo haɗe da lambar reshe. To amma biyan da ya shigo ta momo ba shi da reshe, gurbin nan NULL ne. A PostgreSQL kuwa, idan ba ka ce masa akasin haka ba, NULL biyu ba a ɗaukarsu a matsayin abu ɗaya, saboda haka layukan biyu a idonsa daban suke. Sai a PostgreSQL 15, na shekarar 2022, aka ƙaro NULLS NOT DISTINCT ga mai son a ɗauke su ɗaya. Wata da watanni muna kallon kalmar UNIQUE a fayil muna kwana da kwanciyar hankali, alhali babu wanda ya taɓa tura ƙofar ya ji ko a kulle take. Gwajin da zai tona wannan layi biyu ne kacal:

```sql
INSERT INTO biya (momo_ref, reshe_id, kudi) VALUES ('T1', NULL, 50);
INSERT INTO biya (momo_ref, reshe_id, kudi) VALUES ('T1', NULL, 50);
```

Dole na biyun ya faɗi, kuma ya faɗi da lambar kuskure 23505, wadda ita ce ta karya UNIQUE. Ina nanata lambar ne domin na sha ganin gwajin da ke cewa "in dai kuskure ya fito, an ci." Irin wannan zai ci ko da sunan tebur ka rubuta ba daidai ba. Gyaran da muka yi shi ne mayar da shingen kan lambar momo ita kaɗai. A nan halin NULL ɗin ya yi mana rana, tunda biyan tsabar kuɗi ba su da lambar momo, kuma muna so dubbansu su shiga ba tare da sun yi karo ba. Wannan ma mun rubuta masa nasa gwajin.

CHECK ma yana da wannan ramin. Ka rubuta cewa kuɗi ya wuce sifili, a turo NULL, ya wuce salin alin, domin CHECK ba ya hanawa sai sharaɗin ya fito ƙarya ƙarara. Sai ka haɗa da NOT NULL. Mun kuma sa wa kuɗin iyaka ta sama, saboda wani dalili da duk ɗan Gana ya sani: tun 2007 aka canza kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma har yau a kasuwa za ka ji dattijo ya ce miliyan ɗaya yana nufin sidi 100. Sabon yaro na iya buga abin da kunnensa ya ji.

Ganin haka ya sa na koma na tono wani tsohon ƙorafi da aka rufe ba tare da an gane kansa ba. An taɓa cewa sidi 50 na wani mai sayar da takalma sun ɓace, katinsa ya nuna ya biya, asusunsa bai nuna ba, aka cire kuɗin daga albashin yaron da ya karɓa. Yaron ya rantse ya shigar. Gaskiya ya faɗa. Layin biyan yana nan a tebur, saura ce ba ta ƙaru ba.

Ga yadda abin ya faru. Mutumin yana da sidi 300. Yaro ya shigar da 50 na hannu, a daidai lokacin matarsa ta turo 20 ta momo. Kod ɗinmu yana karanto saura, ya yi lissafi a wurinsa, sannan ya mayar. Na farko ya karanta 300 ya rubuta 350. Na biyu shi ma 300 ya karanta, ya rubuta 320 a kai. Abin da ya kamata ya zama 370 ya tsaya a 320. Kuma dukansu suna cikin BEGIN da COMMIT yadda littafi ya ce. Mutane da yawa suna zaton da zarar ka nannaɗe aiki a tiransakshan shi ke nan ka tsira. Tiransakshan yana ba ka tabbacin cewa aikin ya shiga gaba ɗaya ko bai shiga ba sam, amma matakin READ COMMITTED, wanda PostgreSQL ke farawa da shi, ba ya hana wani ya taka abin da ka rubuta ta wannan hanyar. Maganin shi ne ka bar rumbun ya yi lissafin da kansa, ko ka kulle layin da SELECT ... FOR UPDATE kafin ka taɓa shi.

```sql
UPDATE asusu SET saura = saura + 50 WHERE id = 7;
```

Da wannan, na biyu zai jira na farko ya gama, sannan ya ƙara a kan 350. Gwada shi kuwa sai da haɗi biyu daban zuwa rumbun, suna aiki a kan asusu ɗaya a lokaci guda. Mu muna sakin haɗi 20 tare, kowanne ya ƙara sidi 1, mu duba ko saura ta ƙaru da 20 cif. Tsohon kod ɗin ya faɗi tun zagayen farko. A lura, kayan gwaji da yawa suna sa kowane gwaji cikin tiransakshan guda su warware shi a ƙarshe don sauri. A cikin wannan ba za ka taɓa ganin irin wannan karon ba. Masu Django, TransactionTestCase kuke buƙata a nan, ba TestCase ba. Kuma don Allah, wanda sabarsa PostgreSQL ce ya daina gwaji a kan SQLite. Yadda suke kulle bayanai ba ɗaya ba ne, kuma SQLite ba ya ma duba alaƙar tebur da tebur sai ka kunna PRAGMA foreign_keys = ON.

Sai muka zo ɗora gyaran a kan bayanan gaske, wato rubutun ƙaura da ke sauya fasalin rumbun. A kwamfutata ya wuce sumul, domin rumbuna babu komai a ciki. Da na gudanar da shi a kan kwafin bayanan kamfani, bayan mun sauya sunaye da lambobin waya kamar yadda dokar kare bayanai ta 2012 ke bukatar a kiyaye sirrin mutane, sai ya tsaya cak: lambobin momo 17 sun shiga sau biyu, kuma rumbun ba zai ɗora UNIQUE a kan bayanan da suka riga suka karya shi ba. Sa'armu ita ce PostgreSQL yana iya warware sauyin fasali idan yana cikin tiransakshan, komai ya koma yadda yake. MySQL ba haka yake ba, kowane ALTER TABLE yana tabbata nan take, don haka ƙaurar da ta mutu a tsakiya tana barin ka da rabin sabo rabin tsoho.

Wani abokin aiki ya ce mu goge maimaicin kawai mu wuce. Ban yarda ba, kuma har gobe ba zan yarda ba. Layin kuɗi ba a goge shi a ɓoye. Mun kwashe su zuwa wani tebur daban tare da dalili, muka gyara saurar kowane asusu, aka kira masu su ɗaya bayan ɗaya.

A wannan ƙaurar ce muka mayar da kuɗi daga lamba mai ɗigo zuwa cikakkun fesuwa, tunda fesuwa 100 ke yin sidi 1. Nan ma gwaji ya cece mu. Na sa a ƙirga layuka a kuma tara jimlar kuɗi kafin ƙaura da bayanta. Yawan layukan ya yi daidai, jimlar ta gaza da 'yan fesuwa. Ga dalilin:

```python
>>> int(4.35 * 100)
434
```

Kwamfuta ba ta iya riƙe 4.35 daidai a lamba mai ɗigo, sakamakon yakan fito 434.99999999999994, shi kuma int yana yanke wutsiyar ne, ba ya cikasawa. Kowane layi irin wannan ya yi asarar fesuwa ɗaya, kuma babu saƙon kuskure ko guda. Muka koma round, jimlar ta haɗu.

Yanzu bayan kowace ƙaura, da kuma kowane dare, akwai tambaya ɗaya da muke yi wa rumbun: a nuna mana duk asusun da saurarsa ba ta yi daidai da abin da ya shiga a cire abin da ya fita ba. Amsar da muke so ita ce babu ko ɗaya. Ranar farko da muka yi ta, asusu huɗu suka fito, har da na mai takalman nan. Na buga takardar na kai wa mai kamfani da hannuna, na ce masa, "Alhaji, yaron nan bai ci kuɗin kowa ba, kod ɗinmu ne." A ƙarshen watan aka mayar masa da sidi 50 ɗinsa, Alhaji kuma ya ba shi haƙuri a gaban sauran yaran.