Alawus ɗin dare a kan wane albashi ake lissafa shi?

"Ni a wata masana'anta nake a Idu. An ce kashi 10 ne alawus ɗin dare, albashina 90,000, amma 4,500 nake gani. Cuta ce ko?"

Ɗan'uwa, kafin ka ce cuta, ɗauko takardar albashinka ka nemi layin gundarin albashi, wanda muke kira besik. Yawancin masana'antu a kansa suke lissafi, ba a kan jimillar da ke shiga asusunka ba. Idan besik ɗinka 45,000 ne, sauran kuma kuɗin gida ne da na mota, to kashi 10 ɗinsa 4,500 ne daidai. Raba shi kan dare 15 a wata, naira 300 ke nan kowane dare, ko shayi da burodi ba za ta saya maka ba. Wannan shi ke min ciwo, don na yi shekaru ina kwana a gaban inji.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke adadin alawus ɗin dare ba. Abin da ke cikin takardar ɗaukarka aiki, ko yarjejeniyar ƙungiyarku da kamfani, shi ne hujjarka. Dokar ta wajabta a ba ka sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da farawa. In ba ka da su, nema.

Sannan ka riƙa rubuta ranakun darenka a ɗan littafi. Ni an taɓa cinye min dare huɗu don mun yi musanya da abokin aiki, shugaban sashenmu bai gyara jadawali ba. Littafin nan ne ya dawo min da kuɗina.