Doguwar magana da aka ɗauko ba ta maye gurbin hujjar marubuci

"A furojet ɗina na ABU, duk shafin da na cika da dogon zance daga littafi, ai ya nuna na yi karatu, ko ba haka ba?"

A'a, malam mai duba aiki zai ga wuri ne kawai aka cike. Ana ware zance a sakin layi na kansa idan kalmomin marubucin su ne abin nazari, kamar baitin waƙa ko sashen doka, inda sauya kalma ɗaya ke sauya ma'ana. In ra'ayinsa kawai kake so, taƙaita shi da bakinka.

A tsarin APA, ɗaya daga cikin salon kawo madogara a rubutun bincike, zance mai kalma 40 ko fiye ake warewa, a tura shi ciki da rabin inci daga hagu, ba tare da alamar zance ba, sannan a sa lambar shafi.

A ce kana nazarin sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya shafi 'yancin addini. Kafin zancen, rubuta cikakkiyar jimla da ke faɗin inda ya fito da abin da za a lura da shi, ka rufe da ɗigo biyu. Bayansa kuma, koma kan kalmomin: ciro inda aka ambaci 'yancin sauya addini, ka nuna yadda ya ƙarfafa hujjarka. Nan ɗalibai ke faɗuwa, sai su tsallaka zuwa wani batu ba tare da sun yi bayanin zancen ba. Gwaji mai sauƙi shi ne ka rufe zancen da hannu ka karanta sauran. Idan babu abin da ya ɓace, goge shi.