Mai gadin da kanun labari ya kai ofishin 'yan sanda

Ka karanta wannan kanun da na ƙirƙira, sau ɗaya kawai, da saurin da ka saba karanta labari a waya: "'Yan sanda sun kama ɓarawo da mai gadi ya yi ihu."

Ka faɗi gaskiya, mutum nawa aka kama a kanka kafin ka kai ƙarshe? Biyu ne. Ɓarawo da mai gadi. Har ka fara cewa ai dama da ɗan gari kan ci gari, sai ka ci karo da "ya yi ihu" ka tsaya turus, don babu inda zaka ajiye shi, dole ka koma baya ka sake lale, sannan ka gane ashe wannan "da" ɗin ba na haɗa mutum biyu bane, na lokaci ne. Lokacin da mai gadi ya yi ihu ne aka kama ɓarawon. Bawan Allah shi ya ceci unguwa amma na ɗan wani lokaci kai ka sa masa ankwa.

Masana harshe na Turai suna kiran irin wannan da sunan da ke nufin jimlar hanyar lambu, daga wani salon maganarsu na a ja mutum a kai shi a baro. Ni dai jimla mai tarko nake ce mata. Nahawunta daidai yake, ba kuskure a ciki, farkonta ne yake jan ka wani wuri ƙarshenta kuma ya ce ba nan ba. Wanda ya fi fito da ita fili shi ne Thomas Bever a 1970, da wata jimlar Turanci kan wani doki da aka sukwana ta gaban rumbu ya faɗi, wadda har turawan kansu sukan rantse cewa ba daidai take ba sai an warware musu.

Abin da nake so in tsaya a kai shi ne, tuntuɓen nan ba laifin mai karatu bane kuma ba rashin natsuwa bane. Haka ƙwaƙwalwa take aiki. Da ace muna jiran jimla ta ƙare kafin mu fassara ta, ai da ba wanda zai yi tuntuɓe, don a ƙarshe ma'ana ɗaya ce tak take zaunawa. Tunda ka yi tuntuɓe daidai kan "ya", to shaida ce cewa tun kafin ka iso wurin ka riga ka gina wani abu, ka ɗora mai gadi a gefen ɓarawo a matsayin wanda aka kama. Kowace kalma tana shigowa ana ba ta gurbi nan take.

To me ya sa aka zaɓi wannan gurbin ba ɗayan ba? Lyn Frazier ta bada amsa tun ƙarshen shekarun 1970, ta ce mai sauraro yana bin hanya mafi arha ne, ginin da ya fi sauƙi shi yake ɗauka, kuma sabuwar kalma yakan liƙa ta ne a jikin yankin jimlar da yake kai, ba ya rufe shi ya buɗe sabo sai in ya zama dole. A 1982 ita da Keith Rayner suka gwada abin a jami'ar Massachusetts da na'urar da ke bin motsin ido. Idon mai karatu ba tafiyar ruwa yake ba, tsalle yake yana tsayawa, kowace tsayuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na sakan. Suka ga a daidai kalmar da ke rushe fassarar farko ido yana daɗewa, sau da yawa ma ya yi tsalle ya koma baya. Ka auna da namu: kana cikin lissafin abin da aka kama, "da mai gadi" ya zo, mafi arha ka ƙara shi a lissafin, maimakon ka buɗe sabon yanki na lokaci wanda baka da tabbas ma zai zo.

Ga wata kuma da ta fi kama da irin waɗanda suka gwada: "Bayan Ladi ta sha ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya." Ka ba Ladi ruwa ta sha ko? Sai "ya" ya zo, Ladi kuwa mace ce, "ya" ba nata bane, dole ka ƙwace ruwan daga bakinta ka mayar sama. Abin da ta sha daban ne, wataƙila magani, ruwan kuma na sama ne.

A nan ne Hausa take burge ni, don tana da nata katanga da ke hana faɗawa wannan ramin a wurare da dama. Ɗauki aikatau irin su ɗauka, saya, tambaya, waɗanda a tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960 ake kira giredi na 2. In suna zai biyo baya ya karɓi aikin sai ka ce ta ɗauki yaro, in wakilin suna ne ta ɗauke shi, in ba komai a gaba ta ɗauka. Saboda haka in na rubuta "Bayan Ladi ta ɗauka yaron ya yi kuka", wannan wasalin a ɗin na ƙarshe ya riga ya gaya maka yanki ya rufe, yaron na sabon yanki ne, ko ban sa waƙafi ba. Amma sha baya canza kama, ta sha, ta sha ruwa, duk ɗaya. Akwai kuma na tsakiya, irin su dafa da kama, da a baki suna bambantawa, wasalin ƙarshe dogo ne in ba komai a gaba, gajere in suna ya biyo, sai dai rubutun boko baya nuna tsawon wasali balle karin sauti, kaga kunne yana samun gargaɗin da ido baya samu. Sannan Bahaushe in yana magana da baki ai "sai" yake sakawa, bayan ta sha sai ruwa ya sauko, shikenan tarko ya kwance. Mu masu rubuta kanu mu ne muke yanke "sai" da waƙafi don a samu wuri.

Na san me wani edita zai ce, ai mai karatu ba yaro bane, yana gane abu daga yadda zancen ya zo. Yana da gaskiya rabi. A 1995 Michael Tanenhaus da abokan aikinsa a jami'ar Rochester sun buga wani gwaji a mujallar Science da ya nuna hakan. Sun zaunar da mutum gaban tebur, an sa masa na'urar bin ido, a teburin akwai tuffa a kan tawul, da wani tawul ɗin da ba komai a kansa, da akwati. Aka ce masa da Turanci abin da ya yi daidai da "sa tuffa a kan tawul a cikin akwati", wanda a harshensu "a kan tawul" zai iya zama wurin da za a kai ta, zai kuma iya zama bayanin wace tuffar ake nufi, wato wadda ke kan tawul. Da tuffa ɗaya ce a teburin, a fiye da rabin gwajin idon mutane ya tafi kan tawul ɗin da ba komai, sun ɗauka can za a kai ta, sai da suka ji akwati suka gyara. Da aka sa tuffa biyu kuwa, ɗaya kan tawul ɗaya kan wani ƙyalle, kallon tawul ɗin banza ya ragu ƙwarai, domin mutum yana jin tuffa tambayar da ke ransa ita ce wacce, "a kan tawul" kuma ya zo ya amsa masa. Wannan ya rage wa ra'ayin Frazier ƙarfi, tunda ya nuna ba sauƙin gini kaɗai ke jan ragama ba, abin da ido ke gani da abin da aka riga aka sani suna shiga lissafin tun daga farko, kuma har yau masanan basu gama jayayya kan wanne ke riga wanne ba.

Amma dai duba abin da gwajin yake cewa da kyau. Mahalli, wato abin da ke kewaye da zancen, yana ceto in akwai shi. Kanun labari kuwa shi ne rubutun da bashi da mahalli ko kaɗan, shi ke zuwa farko, shi kaɗai ake turawa a guruf-guruf, mutane da yawa daga shi basa ƙara komai. Ga kuma abin da muka saba ji, labarin an haɗa baki da mai gadi ba baƙo bane a kunnenmu, kaga abin da mutum ya sani ma tura shi cikin ramin yake.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne gyaran ba ya wanke komai tas. A 2001 Kiel Christianson da Fernanda Ferreira da abokan aikinsu sun ba mutane jimla irin ta Ladi, a kan wata Anna da ke saka kaya jariri kuma ya yi tumbuɗi a gado. Farkon jimlar a Turanci yana sa ka ɗauka jaririn take sa wa kaya, ƙarshenta ya nuna kanta take sa wa. Da aka tambaye su ko jaririn ya yi tumbuɗi, kusan kowa ya ce e, wato sun gyara ginin. Da aka tambaye su ko Anna ta sa wa jaririn kaya, da yawansu nan ma suka ce e, da ƙarfin gwiwarsu, alhali jimlar bata faɗi haka ba. Da aka sa waƙafi a inda ya dace kuskuren ya ragu sosai. Fassarar farko ta bar sawu kenan, mutum ya tashi da biyun duka a kansa. In ka kawo wannan kan misalinmu, akwai wanda zai ajiye waya yana sane mai gadi ya yi ihu, kuma yana jin kamar har da shi aka tafi. A labarin gaske mai gadin nan mutum ne mai suna da iyali da unguwar da zai koma da yamma.

Shi ya sa bana yarda in ance waƙafi ado ne, ko "lokacin" ta yi tsawo a kanu. Harafi bakwai ne fa. "Sun kama ɓarawo lokacin da mai gadi ya yi ihu", ko "bayan da", magana ta ƙare. Kar ma ka ce zaka juya ta ka fara da "Da mai gadi", don wannan "da" ɗin a farkon jimla wani tarkon ne, mai karatu zai iya jiran da wane da wane, ko ya karanta shi da jan wasali ya ɗauka da ace kake nufi. Kuma marubuci shi ne mutum na ƙarshe da zai hango ramin, tunda shi ya san ƙarshen jimlar tun kafin ya fara ta. Dabarar da na sani ita ce ka rufe rabin kanun na ƙarshe da yatsa, ka miƙa wa na kusa da kai wayar, ka tambaye shi wa aka kama.