Wasiƙar mai sito zuwa ga hedimasta ba takardar amsa laifi ba ce

Wani abokina da ke riƙe da sito a wata firamare a nan cikin birnin Kano ya nuna min wasiƙar da ya rubuta wa hedimastansu bayan an gama ƙirgen kaya na ƙarshen zango, sai da ya kwana uku yana juya ta a aljihu kafin ya miƙa, wai tsoro yake kar a ce shi ya kwashe. Ni kuma na ce masa ai wannan takardar ita ce garkuwarka, wanda ya ga giɓi ya yi shiru shi ne ranar da masu bincike suka zo daga sama zai rasa bakin magana.

Wasiƙar gajeriya ce. Bayan gaisuwa da “ranka ya daɗe”, ya faɗi ranar da aka yi ƙirgen, da malamai biyun da suka tsaya a kai, sannan ya ce an samu bambanci tsakanin abin da ke leja da abin da ke kan kanta a kaya kala huɗu, ga jerin nan a manne. Abin da ya burge ni shi ne bai rubuta “an sace” ba ko sau ɗaya. Bambanci ya ce. Kuma haka ya kamata, don mai sito lissafi ya sani, ba shi ne alƙali ba.

Ɗauki takardar buga jarrabawa. A farkon zango yana da rim 12, aka kawo katan 6, kowane katan rim 5 ne, ka ga 30 ke nan, jimla 42. Baucocin da aka sa wa hannu sun nuna an fitar da 29, to ya kamata a tarar da 13, amma da aka ƙirga 5 aka gani. Giɓin rim 8. A jerin da ya manna kowane kaya sai da ya bi shi haka, ragowar baya, wanda ya shigo, wanda ya fita da bauca, wanda ya kamata a gani, wanda ido ya gani, sai gefe guda na bayani. Da hedimasta ya karanta a ofis sai malamin jarrabawa ya tuna ai shi ya ɗauki katan guda ana tsakiyar jarrabawa, ya ce zai dawo ya sa hannu, bai dawo ba. Rim 5 sun fito ke nan ba tare da an kira kowa ɓarawo ba, saura 3 da har yanzu ake nema.

A ganina nan ne ainihin ciwon yake, wato “ba ni, zan sa hannu anjima”. Ƙaramin ma’aikaci ba ya iya ce wa babban malami sai ka cika bauca, balle a ce hedimasta ne da kansa ya aiko ɗalibi a ba shi kwalin alli, kunya da girmamawa su hana shi, ranar ƙirge kuma sunansa kaɗai ne a jikin leja. Shi ya sa nake ganin hedimastan da ya karɓi irin wannan wasiƙa ya fara tuhumar tsarin gidansa kafin ya tuhumi wanda ya rubuto.

Alli ma da aka ce ya yi giɓin kwali 7, ashe damina ce ta jiƙa shi ta inda kwano ke yoyo aka zubar, ba wanda ya rubuta. Wannan lalacewa ce ba ɓata ba, amma tunda babu takardar da ta nuna an soke shi daga leja, a lissafi yana nan daram. Benci ma haka, karyayyu ne jibge a bayan aji.

Wani zai ce to ai ɓarawo ma zai iya rubuta wasiƙa don ya wanke kansa. Gaskiya ne, shi ya sa sa hannun waɗanda suka tsaya a kan ƙirgen ya fi wasiƙar kanta nauyi, kuma a tambaya makulli nawa ne kuma a hannun wa suke. A siton abokin nawa fanka 2 ne suka ɓata da gaske, lokacin hutu, kuma makullin uku ne, ɗaya a wajensa, ɗaya a ofis, ɗaya an ce yana wajen wanda ya riƙe siton kafin shi, ba a taɓa karɓa ba tunda ba a yi miƙa kaya a rubuce ba. Wannan kam sai da aka kai gaban SBMC, wato kwamitin da ke sa ido kan tafiyar da makarantar.

Na ce wa abokin nawa ya yi kwafin wasiƙar, hedimasta ya sa hannu da kwanan wata a kan nasa cewa ya karɓa. Ya yi, an kuma canza kwaɗo a satin, makulli biyu kawai yanzu.