Matar da aka cuta ba hul'i ne hakkinta ba

A Najeriya, ban da dokar al'ada, doka biyu ke raba aure, kuma kowace da ƙofarta. Wanda ya yi auren rajista a ƙarƙashin dokar aure ta gwamnati, babbar kotun jiha ko ta Abuja ce kaɗai za ta warware masa shi, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970. Wanda aka ɗaura masa aure da waliyyi da sadaki da shaidu kuwa, lamarinsa na kotun shari'ar Musulunci ne, kuma a Arewa fiƙihun Malikiyya ake bi. Mutane da yawa sun ɗauka cewa dokar gwamnati ta fi tausaya wa mace, wai a Musulunci ba ta da mafita sai ta biya ta fanshi kanta. Ni ban yarda da wannan ba. Idan ana maganar dalilan da mace za ta kafa don ta fita daga auren da ya zame mata azaba, fiƙihu ya fi buɗe mata hanya. Inda ake tauye ta shi ne zauren kotu, ba littafi ba.

A ɗauki misali ɗaya a gwada shi a ƙofofin biyu. Mace ce da aka yi wa aure wata 14 da suka wuce. A watannin farko mijin yana dukanta, sannan ya tattara ya bar gari, yau wata 8 ke nan babu abinci, babu kuɗin haya, babu ko gaisuwa.

Idan aurenta na rajista ne, shingen farko da za ta ci karo da shi shi ne sashe na 30 na dokar 1970. Ba a shigar da ƙarar neman rabuwa kafin aure ya cika shekara biyu sai da izinin kotu, kuma izinin ba ya samuwa sai ta nuna ƙunci ko mugun hali da ya wuce misali. Akwai 'yan abubuwan da aka togace daga wannan jira, kamar zina da ƙin kusantar juna tun daga ɗaurin aure, amma duka da yunwa ba sa cikinsu. In ta tsallake wannan, sai sashe na 15, wanda ya ce dalili ɗaya ne tak ke raba aure: ya lalace yadda ba zai gyaru ba. Faɗa da baki bai isa ba, sai ta tabbatar da ɗaya daga cikin abubuwa takwas da dokar ta lissafa. Gudun miji sai ya cika shekara guda cur ba yankewa, ita kuwa wata 8 take da shi. Zama a rabe sai shekara biyu idan mijin bai ƙi rabuwar ba, ko uku idan ya ƙi. Abin da ya rage mata shi ne ta nuna cewa halinsa ya kai inda ba za a sa ran ta ci gaba da zama da shi ba, kuma a nan dukan zai shigo. Ko ta yi nasara, hukuncin farko na wucin gadi ne, sai bayan wata uku yake zama yankakke. Ga kuɗin lauya, ga ɗage zama.

Yanzu a mayar da ita gaban alƙalin shari'a. Babu wanda zai ce mata ta jira aure ya shekara biyu. Rashin ciyarwa shi kaɗai dalili ne a Malikiyya: alƙali zai nemi mijin, ya ɗibar masa wa'adi, in yana da dukiya a gari a ciyar da ita daga ciki, in babu kuma wa'adin ya cika, alƙali ya sake ta a madadinsa. Wannan sakin na kome ne, wato in ya samu abin ciyarwa kafin idda ta ƙare yana iya mayar da ita. Cutarwa kuma dalili ne na daban, kuma ya fi ƙarfi. Idan ta tabbatar da duka ko zagi mai muni, tana da damar a raba su, sakin kuma ba na kome ba ne, sannan ba za ta mayar da ko kwabo daga sadakinta ba. Malaman mazhabar sun san cewa duka a cikin ɗaki ake yinsa, ba a gaban shaidu ba, shi ya sa suka karɓi shaidar ji a wannan babi, wato abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta da 'yan uwa cewa wane yana cutar matarsa. In hujja ta gagara amma ƙara ta yi ta maimaituwa, sai a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta umarta, kuma a Malikiyya suna da ikon raba auren idan sun ga gyara ya faskara.

To ina hul'i ya shigo? Hul'i na matar da mijinta bai yi mata laifi ba ne, zuciyarta ce kawai ta ƙi shi. Asalinsa matar Sabit ɗan Ƙais ce, wadda ta ce ba ta zargin mijinta a hali ko addini, Annabi (SAW) ya sa ta mayar masa da gonar da ya ba ta. Matar misalinmu ba wannan ba ce.

Amma duk mai zuwa kotunanmu ya san yadda abin kan ƙare. Mace ta zo da kumburarren ido, ta ce an dake ta an bar ta da yunwa. A tambaye ta shaidu, ta ce babu wanda ya gani. Maimakon a faɗa mata cewa maganar maƙwabta ma tana da nauyi, sai a ce: “To, za ki iya mayar masa da sadakinsa?” Ita da ta gaji da sintiri sai ta amsa. Daga nan ciniki ya buɗe. Sadaki dubu ɗari ne, amma miji ya jero kuɗin lefe da na gaisuwar uwa da uba har da na abincin biki, uban yarinya ya sayar da akuya ko ya ci bashi. An juya ƙarar cutarwa ta koma hul'i saboda hul'i ya fi saurin rufe fayil. Wannan zalunci ne, kuma fiƙihun kansa ya hango shi: Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, ta ce idan cutarwa ce ta sa mace ta biya, za ta karɓe abin da ta bayar, rabuwar kuma tana nan daram. Mata nawa ne aka taɓa gaya wa haka kafin su bar harabar kotu?

Ban ce dokar gwamnati ba ta da abin koyi ba. Ta daidaita miji da mata, babu wanda zai kashe aure da kalma ɗaya cikin fushi, alhali a wajenmu miji yana saki ba tare da an tambaye shi dalili ba, nauyin kawo hujja kuma a kan mace kaɗai yake. Haka nan hukuncinta ba ya zama yankakke sai kotu ta duba tanadin da aka yi wa ƙananan yara. Wannan na biyun ba ya cin karo da shari'a ko kaɗan, domin ciyar da 'ya'ya wajibin uba ne, reno kuma hakkin uwa ne.

Abin da nake nema daga manyan alƙalan jihohi ƙarami ne. A wajabta wa kowane alƙali, kafin ya ambaci hul'i, ya tambayi mace ƙarara ko duka ko yunwa ko ƙaura ce ta kawo ta, ya rubuta amsarta a littafin shari'a, ya kuma sanar da ita irin shaidar da za ta iya kawowa. Idan aka rubuta, kotun ɗaukaka ƙara za ta samu abin dubawa ranar da uban yarinyar ya zo neman kuɗin da aka karɓe masa ba bisa ƙa'ida ba.